Idan Sabuntawa Ta Katse a Tsakiya: Yadda Na'urar ESP32 Ke Ceton Kanta



Maganata ta yau a kan ƙananan na'urorin nan ne na kamfanin Espressif da ke Shanghai, wato ESP8266 da ta fito a 2014 da ƙanwarta ESP32 da ta biyo baya a 2016. Da yawanku kun riƙe su a hannu, kun saka musu manhaja ta kebul a kan teburi. To amma da zarar na'ura ta bar teburi, an rufe ta a akwati, an ɗaure ta a saman tanki ko jikin turken fitila, kebul ya daina kaiwa gare ta. Daga nan sai dai a aika mata sabuwar manhaja ta iska, abin da takardun kamfanin ke kira OTA. Tambayar da kowa ke yi ita ce: idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar aikin fa? Amsar da zan kare a gabanku ita ce, katsewar tsakiya ba ita ce babbar barazana ba. An riga an yi mata magani. Abin tsoron shi ne manhajar da ta sauka lafiya lau, ta tashi, amma ba ta iya karɓar gyara na gaba.

Mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ce muna da ESP32 mai ma'adanar filash ta megabayit 4, tana auna ruwan tankin wata rijiyar burtsatse mai aiki da sola, tana aika rahoto ta wayifai. Tun ranar farko an raba ma'adanarta kamar haka:

```
nvs,      data, nvs,   0x9000,   0x4000
otadata,  data, ota,   0xd000,   0x2000
phy_init, data, phy,   0xf000,   0x1000
ota_0,    app,  ota_0, 0x10000,  0x1E0000
ota_1,    app,  ota_1, 0x1F0000, 0x1E0000
```

Ku lura da layuka biyu na ƙarshe. Sashe biyu ne masu girma ɗaya, kowanne kilobayit 1920, kuma kowanne zai iya ɗaukar cikakkiyar manhaja. Na'urar tana aiki daga ɗaya, tana rubuta sabuwa a ɗayan. Hikimar ke nan gaba ɗaya: ba a zubar da ruwan tulu don an ga hadari. Kuɗin da ake biya shi ne rabin wuri, domin manhajarka ba za ta wuce girman sashe ɗaya ba. Sai kuma ƙaramin sashen nan, `otadata`, mai kilobayit 8. Shi ne ke gaya wa butloda, wato 'yar manhajar da ke fara tashi idan an kunna na'ura, wanne daga cikin biyun za ta tayar.

A ce sigar 1.4 ce ke aiki a `ota_0`, muka aika 1.5. Aikin yana da matakai huɗu a ESP-IDF. `esp_ota_begin` tana share `ota_1`. `esp_ota_write` tana rubuta abin da ke saukowa kaɗan-kaɗan. `esp_ota_end` tana bincika ko abin da aka rubuta cikakke ne. Sai ta ƙarshe, `esp_ota_set_boot_partition`, wadda ke rubutu a `otadata` cewa daga yanzu `ota_1` za a tayar. Jerin nan shi ne abin riƙewa, domin inda wuta ta ɗauke a cikinsa shi ke nuna abin da zai biyo baya.

Batir ya yi sanyi da asuba, na'urar ta mutu bayan kashi 60 cikin ɗari sun sauka. Rana ta fito, ta farka. Me ya faru? Babu abin da ya faru. `ota_1` na ɗauke da guntun manhaja mara amfani, amma ba a taɓa `otadata` ba, don haka butloda ta tayar da 1.4 kamar jiya. Za a sake gwadawa, a sake sharewa, a sake rubutawa. Haka nan idan sadarwa ce ta yanke, ko wasu bayanai suka lalace a hanya. Kowace manhajar ESP32 tana farawa da alamar `0xE9`, tana ƙarewa da hatimin SHA-256 wanda aka lissafa daga dukkan abin da ke cikinta. Idan ko bayit ɗaya ya sauya, hatimin ba zai dace ba, `esp_ota_end` ta dawo da `ESP_ERR_OTA_VALIDATE_FAILED`, kuma ba a kai mataki na huɗu ba. Idan kuna son sanin ko ƙarancin wuta ne ya jawo mutuwar na'urar, ku duba saƙonnin da na'urar ke fitarwa. Wanda ya ga `Brownout detector was triggered` ya san matsalarsa ta batir ce ko ta siririyar waya, domin wayifai na jan wuta sosai lokacin aikawa.

Mai kaifin tunani zai ce, to idan wutar ta ɗauke daidai lokacin da ake rubuta `otadata` ɗin kansa fa? Shi ya sa aka yi shi kilobayit 8 ba 4 ba. Filash ba ta sharuwa sai yanki-yanki, kowane yanki kilobayit 4, don haka `otadata` yanki biyu ne. Kowanne na ɗauke da lambar jeri da lambar tantancewa ta CRC. A misalinmu yanki na farko na riƙe da lamba 3, wadda ke nuni ga `ota_0`. Sabuwar lamba, 4, a ɗaya yankin za a rubuta ta. Idan rubutun ya kammala, butloda ta ga 3 da 4, ta ɗauki babbar. Idan ya katse, lambar tantancewar ba za ta dace ba, ta yi watsi da shi, ta koma ga 3. Babu wani lokaci da duka biyun suke a share.

Nan ne ESP8266 ta bambanta, ga masu amfani da ita ta hanyar Arduino. A can ana ajiye sabuwar manhaja a filin da ya rage, sannan idan na'ura ta sake tashi, butlodarta mai suna `eboot` ta kwafe ta a kan tsohuwar. A 'yan daƙiƙoƙin kwafin nan tsohuwar ta fara rushewa, sabuwar ba ta gama zama ba. Wuta ta ɗauke a nan, sai an je da kebul. Duk wanda zai kafa na'ura a inda wuta ba ta da tabbas, ya sa wannan a ma'auni.

Yanzu ga inda nake so mu daɗe. A ce 1.5 ta sauka cif, hatimi ya dace, lamba 4 ta rubutu, na'ura ta tashi da ita. Amma mai rubuta manhajar ya yi kuskure a wurin haɗuwa da wayifai. Na'urar tana kunne, tana auna ruwa, amma ba ta jin kowa. A idon butloda komai daidai ne, domin hatimi yana shaida cewa abin da aka aiko shi ne ya iso, ba ya shaida cewa abin da aka aiko yana da kyau. Ga 1.4 lafiyayya tana zaune a `ota_0`, amma babu mai komawa gare ta. Idan na'urori hamsin aka aika wa, tankuna hamsin za a hau.

Maganin shi ne a kunna `CONFIG_BOOTLOADER_APP_ROLLBACK_ENABLE` tun kafin na'ura ta bar hannu. Da shi, sabuwar manhaja tana shiga da matsayin `ESP_OTA_IMG_NEW`. A tashinta na farko butloda tana mai da matsayin `ESP_OTA_IMG_PENDING_VERIFY`, ma'ana tana kan gwaji, kuma dama ɗaya tak aka ba ta. Idan ta tabbatar da lafiyarta, ta zauna. Idan na'ura ta sake tashi ta kowane dalili alhali ba ta tabbatar ba, butloda ta yi mata alamar `ESP_OTA_IMG_ABORTED`, ta koma 1.4. Ga yadda ake rubuta hukuncin:

```c
if (gwaji_ya_yi_kyau()) {
    esp_ota_mark_app_valid_cancel_rollback();
} else {
    esp_ota_mark_app_invalid_rollback_and_reboot();
}
```

Layukan kaɗan ne, amma dukkan amanar tana cikin wannan gwaji. Wanda ya tabbatar da manhaja a layin farko na shirinsa, kafin ta yi komai, ya kashe kariyar da hannunsa. Gwajin gaskiya ga na'urarmu shi ne: ta haɗu da wayifai, ta kai ga sabar da ke raba sabuntawa ta amintacciyar hanya, ta sami amsa, sannan ta karanta ma'aunin ruwa ta ga adadi mai ma'ana. A cikinsu, kaiwa ga sabar shi ne wajibi. Manhajar da ke kuskuren auna ruwa amma tana jin kira, gobe za a gyara ta daga ofis. Wadda ba ta jin kira, ba ta da gobe.

Gwajin kuma yana buƙatar wa'adi. Komawa baya ba ta faruwa sai na'ura ta sake tashi. Idan 1.5 ta maƙale tana jiran wayifai har abada, ba ta faɗi ba, ba ta tabbatar ba, haka za ta zauna. Don haka a sa mata agogo, misali minti 3: wa'adi ya cika ba amsa, ta ƙi kanta. A kuma kunna `CONFIG_ESP_TASK_WDT_PANIC`, domin agogon gadin ayyuka idan ba a kunna wannan ba, gargaɗi kawai yake bugawa, ba ya sake tayar da na'ura. Kada kuma wa'adin ya yi tsawo, domin ɗaukewar wuta a lokacin gwaji tana sa a ƙi manhaja mai kyau, butloda ba ta bambance faɗuwa da mutuwar batir.

Bayan an dawo 1.4, saura tarko biyu. Na farko, 1.4 za ta tambayi sabar, a ce mata ga 1.5, ta sake saukewa, ta sake faɗuwa, haka dare da rana, data na ƙarewa, filash na cinyewa. Dole ta kira `esp_ota_get_last_invalid_partition`, ta karanta lambar sigar da aka ƙi, ta ƙi sake ɗaukarta, ta kuma sanar da mu. Rahoton nan shi ne alamar da za mu gane an koma baya. Na biyu, komawa baya manhaja kawai take mayarwa, ba ta taɓa sashen `nvs` inda ake ajiye saituna. Idan 1.5 ta sauya tsarin saitunan da zarar ta tashi, 1.4 za ta dawo ta tarar da abin da ba ta iya karantawa. Ƙa'idar ita ce kada sabuwa ta taɓa tsofaffin saituna sai bayan ta tabbata.

Duk wannan yana da iyaka. Butloda da teburin rabon ma'adana kwafi ɗai-ɗai ne, sabuntawa ta yau da kullum ba ta taɓa su, shi ya sa shawarar rabo da ta komawa baya ake yanke su tun a teburi. Idan kuka ga `invalid header: 0xffffffff` yana maimaituwa, guntun ESP32 ɗin bai sami butloda ba ke nan, kuma iska ba za ta yi magani ba. Sai a riƙe `GPIO0` a ƙasa, a sake kunnawa, a rubuta komai da `esptool` ta kebul. Shirin da ke karɓar wannan rubutu an gina shi cikin guntun tun daga masana'anta, kuskuren manhaja ba ya goge shi. Saboda haka ku bar wa fil ɗin `GPIO0` da na haɗa kebul hanya a allonku.

Roƙona gare ku, ɗalibai musamman, kafin ku kafa na'ura ko ɗaya a waje, ku yi mata jarrabawa uku a teburi. Ku zare wuta ana tsakiyar saukewa. Ku aika mata manhajar da ke faɗuwa da gangan. Ku aika mata wadda ke tashi amma ba ta haɗuwa da wayifai. Idan ta dawo da kanta a duka ukun, ta kuma ba da rahoton abin da ya same ta, ku kai ta tanki. Kuma ko a ranar sabuntawa ta gaske, ku fara da biyu ko uku da ke kusa da ku kafin sauran.