Ƙari da ragi: don mi kuɗɗi ba su komawa wurinsu

Wannan jawabi ne na lissafi. An shirya shi don manya masu karatun yaƙi da jahilci a Maraɗi da Tibiri da Jiratawa. A karanta shi da ƙarfi, a tsaya a kowace gaɓa, a rubuta adadin bisa allo.



Maganar yau maganar kasuwa ce. Kowa yana jin ana cewa: "An ƙara wa hatsi 10 cikin 100." Bayan wani lokaci kuma a ce: "An rage 10 cikin 100." Mutane da yawa sai su ce: "To, madalla, farashi ya koma inda yake." Wannan kuskure ne. Farashin bai koma ba. Ya sauka ƙasa da wurin da ya taso. Wanda bai san haka ba yana iya yin asara, shi kuwa yana tsammanin bai rasa komi ba.

Mi ake nufi da "cikin 100"?

In an ce 10 cikin 100, ana nufin a raba kuɗɗi kashi 100 daidai wa daida, a ɗauki kashi 10. Haka ɗaya yake da a raba su kashi goma, a ɗauki kashi ɗaya. Ke nan 10 cikin 100 ba wani tsayayyen kuɗi ba ne. Rabo ne. In tarin kuɗɗin babba ne, rabon babba ne. In tarin ƙarami ne, rabon ma ƙarami ne. Rabin babbar waina ya fi rabin ƙaramar waina, ko da yake duka biyun rabi ake kiran su. Ku riƙe wannan da kyau, don nan ne gindin maganar.

Misali da tiyar hatsi

A ce tiyar hatsi a kasuwar Tibiri dala 100 ce, watau tamma 500. A samo tsakuwa 100 a zuba bisa tabarma. Kowace tsakuwa dala ɗaya ce.

Aka ƙara 10 cikin 100. Kashi ɗaya cikin goma na dala 100, dala 10 ne. A ƙara tsakuwa 10. Yanzu tiya ta zama dala 110.

Daga baya aka rage 10 cikin 100. Ku lura da kyau a nan. Tsakuwar da ke bisa tabarma yanzu 110 ce. A raba ta kashi goma. Kowane kashi zai samu 11. A ɗebe kashi ɗaya, watau tsakuwa 11. A ƙirga abin da ya saura: 99.

An ƙara dala 10, an ɗebe dala 11. Tiya ta tashi daga dala 100, ta sauka a dala 99. Ba wanda ya saci dala guda. An lissafa ƙarin bisa ƙaramin farashi, an lissafa ragin bisa babban farashi. Shi ya sa ragin ya fi ƙarin yawa.

In aka yi da rabi, abin ya fi fitowa fili. Tiya dala 100, aka ƙara mata rabi, ta zama dala 150. Aka rage rabi. Rabin 150 shi ne 75. Tiya ta koma dala 75. Kun ga, duk yadda rabon ya ƙara girma, giɓin ma yana ƙara faɗi.

Abin da zai iya faruwa ga bankin hatsi

A ƙauyukan jihar Maraɗi da yawa akwai bankin hatsi. Jama'a suna sayen hatsi da kaka, lokacin araha, su aje a rumbun gari. In damana ta kama, hatsi ya yi tsada, sai a saida wa ƴan gari da sauƙi. Amma dole uwar kuɗɗi ta dawo, don a sake saye a kaka mai zuwa.

A ce wani kwamiti kusa da Tibiri ya sayi buhu 40. Kowane buhu, har da kuɗɗin amalanke, ya tsaya musu jikka 20, watau tamma 20,000. Uwar kuɗɗi duka jikka 800 ke nan.

Da bazara ta yi, kwamiti ya zauna ya ce a ƙara 25 cikin 100. Wannan kashi ɗaya ne cikin huɗu. A raba jikka 20 gida huɗu, kowane gida jikka 5. Buhu ya zama jikka 25.

Amma hatsi bai yi tsada sosai ba a shekarar. Mutane ba su saye ba. Sabon hatsi ya kusa shigowa. Sai kwamiti ya sake zama. Shugaba ya ce: "Mun ƙara 25 cikin 100, to mu rage 25 cikin 100, mu saida a kuɗɗin da muka saya. Ba riba, ba asara." Kowa ya yarda. Aka ce wa magatakarda ya buga lissafi bisa farashin da ke rubuce a ƙofar rumbu.

Magatakarda ya raba jikka 25 gida huɗu. Kowane gida jikka 6 da dala 50. Ya ɗebe su daga jikka 25. Abin da ya saura: jikka 18 da dala 150, watau tamma 18,750.

Ga shi an sayi buhu jikka 20, za a saida shi jikka 18 da dala 150. Asarar kowane buhu jikka 1 da dala 50. A buhu 40, asarar ta kai jikka 50 cur. Kuɗɗin buhu biyu da rabi ke nan. In ba a gane ba sai ranar ƙirga kuɗɗi, za a zargi ma'aji da cin amana, alhali kuwa bai taɓa ko dala ba. Irin wannan zargi yana raba zumunci, yana kuma kashe bankin hatsi.

Mi ya kamata kwamitin ya yi? Abin da suka ƙara jikka 5 ne. To jikka 5 za su ɗebe. A cikin jikka 25, jikka 5 kashi ɗaya ne cikin biyar, watau 20 cikin 100. Ke nan wanda ya ƙara 25 cikin 100, in yana so ya koma wurinsa, 20 cikin 100 zai rage.

In ragi ne ya fara zuwa fa?

Wani zai ce: "To, in an fara ragewa sannan aka ƙara, ai sai a wuce wurin farko." A'a. Mu gwada da manomin rani na Jiratawa.

A ce yana kai kwandon tumatir kasuwar Maraɗi, ana saye jikka 10. Ran Litinin kaya suka yi yawa, dillali ya ce kasuwa ta faɗi da 20 cikin 100. Kashi ɗaya cikin biyar na jikka 10, jikka 2 ne. Kwando ya koma jikka 8.

Ran Juma'a dillali ya tarbe shi da fara'a: "Malam, albishirinka, kasuwa ta tashi da 20 cikin 100, ta farfaɗo." A raba jikka 8 gida biyar. Kowane gida jikka 1 da dala 120. A ƙara bisa jikka 8. Kwando ya zama jikka 9 da dala 120, watau tamma 9,600. Har yanzu da sauran dala 80 kafin a kai jikka 10.

Dalilin ɗaya ne da na farko. An yi ragin lokacin da farashi ke sama, an yi ƙarin lokacin da yake ƙasa. Ko wanne aka fara, ragi ne ke cin babban tari.

Abin da ya faru a 1994

Dattawa ba su manta da watan Janairu na 1994 ba. A lokacin ne aka karya darajar kuɗɗin sefa da rabi, watau 50 cikin 100. Kafin nan, tamma ɗaya ta Faransa, kuɗin da Faransa ke aiki da shi a wancan zamani, daidai take da tamma 50 ta sefa, dala 10. Bayan karyawar ta zama tamma 100, dala 20.

Ku duba. Kayan da kuɗɗinsu tamma 100 ne a Faransa, da jikka 5 ake biyan su. Suka koma sai da jikka 10. Darajar sefa ta sauka da 50 cikin 100, amma kuɗɗin da za a biya sun hau da 100 cikin 100, sun ninka. In ana so a sauko daga jikka 10 zuwa jikka 5, rabi za a rage. In aka rage 100 cikin 100, ba abin da zai saura, kaya sun zama kyauta. Wannan ya nuna hawa da sauka a hanya ɗaya ba su da adadi ɗaya.

Yadda za a san girman giɓin

Ga wata dabara ga masu son lissafi. A buga adadin da kansa, a raba da 100. Abin da ya fito shi ne asara a cikin kowace 100 ta farashin farko.

In 10 ne: 10 sau 10, 100. A raba da 100, a samu 1. Shi ne dala ɗaya da ta ɓace a tiya.

In 20 ne: 20 sau 20, 400. A raba da 100, a samu 4. Jikka 10 dala 2,000 ce, watau ɗari sau 20. Dala 4 sau 20, dala 80. Shi ne giɓin mai tumatir.

In 50 ne: 50 sau 50, 2,500. A raba da 100, a samu 25. Shi ya sa tiya ta sauka dala 75.

Yaushe ne farashi ke komawa daidai?

Yana komawa in an faɗi kuɗɗin da bakinsu. An ƙara dala 10, an rage dala 10, an koma gida. Yana komawa kuma in an yi sharaɗi a fili cewa ƙari da ragi duka bisa farashin farko za a lissafa su. In ba a yi wannan sharaɗi ba, mai lissafi farashin ranar zai ɗauka.

Don haka duk wanda ya ji an ce "kaza cikin 100", ya tambaya: "Na wane farashi? Na da, ko na yanzu?" Sannan ya ce a faɗa masa da jikka da dala. Magatakardan bankin hatsi kuma ya rubuta farashin saye a kan kowane shafi na littafinsa. Kafin a buɗe rumbu, a jera adadi biyu bisa allo, na saye da na saidawa, kowa ya gani da idonsa.

Ga aiki kafin haɗuwa ta gaba. Buhun gujiya jikka 15. An ƙara 20 cikin 100, sannan an rage 20 cikin 100. Nawa ya koma? Kowa ya buga da tsakuwa ko da alli. Wanda ya samu jikka 14 da dala 80, lissafinsa ya yi daidai. Wanda ya samu jikka 15, ya sake duba tarin da ya raba.

Allah ya ba mu damana mai albarka. A sauka lafiya.