Ƙwayar Ƙarin Jini a Daren Azumi: Wace Sa'a ce Tata Tsakanin Buɗa-baki da Sahur?

 

An nemi in yi bayani a kan magungunan ƙarin lafiya da mutane ke sha a cikin watan Ramalana, watau irin bitamin da kalsiyam da makamantansu, amma da na duba faɗin wannan fage da ƙarancin lokacin da aka ba ni, sai na ga ya fi amfani in tsaya a kan ƙwaya guda wadda kusan babu gidan da ba a san ta ba, ita ce jar ƙwayar nan ta ƙarin jini da ake ba mata a wurin awo, wadda wasu ke kira fasolet. Dalilina shi ne, mafi yawan bitamin ba su da wahalar sha'ani, in mutum ya haɗiye su tare da abincin dare mai ɗan maiƙo ya gama, alhali ita wannan ƙwaya tana da sharuɗɗa, kuma wanda ya saɓa musu yana iya shan ta dare talatin cur ba tare da jininsa ya ƙaru da abin kirki ba.

Ta fuskar hukunci babu saɓani cewa haɗiye ƙwaya da gangan tsakanin fitowar alfijir da faɗuwar rana yana karya azumi, saboda haka abin da ya rage wa mai azumi shi ne dare, wanda a ƙasarmu, daga Kano har Damagaram, tsawonsa daga magariba zuwa alfijir bai cika wuce awa goma zuwa goma sha ɗaya ba. A cikin wannan ɗan taƙin ne za a ci, a sha, a yi asham, a yi barci, a tashi sahur, kuma a cikinsa ne ake so a samar wa ƙwayar nan gurbi.

Ƙwayar da aka fi bayarwa ita ce feros salfet mai miligiram 200, wadda ainihin sinadarin ƙarfen da ke cikinta miligiram 65 ne, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai juna biyu ta riƙa samun miligiram 30 zuwa 60 na wannan sinadari kullum, tare da maikirogiram 400 na folik asid. To, amma abin da aka haɗiye daban, abin da ya isa jini daban, gama ƙarfen nan a farkon ƙaramin hanji ake tsotse shi, kuma ko a kyakkyawan hali kaɗan ne daga cikinsa ke shiga, sauran ya wuce. Yana son ciki mai tsami wanda ba a cika shi da abinci ba, kuma yana da abokan gāba guda uku waɗanda, bisa ƙaddara, su ne sarakunan faifan buɗa-bakinmu. Na farko shayi, domin a cikin ganyensa akwai sinadarin tanin mai kama ƙarfe ya ɗaure shi, har an auna an ga kofi guda da aka sha tare da abinci yana iya rage abin da hanji zai tsotsa da fiye da rabi. Na biyu kalsiyam, ko na cikin madara da nono da kindirmo, ko na ƙwaya. Na uku wani sinadari ne mai suna fayitet da ke cikin dusar gero da dawa da kuma wake, watau kunu da fura da ƙosai da alale. Ku dubi matar da ta kai azuminta, ta sha kunun tsamiya da ƙosai, ta bi da shayi mai kauri da madara, sa'an nan ta ɗauko ƙwayar ta kora da ragowar shayin nan tana cewa gara ta sha tun ba ta manta ba: niyyarta kyakkyawa ce ƙwarai, amma ta zaɓi sa'ar da ta fi kowace muni a cikin daren.

Da yawa kuma sukan kai ta sahur, suna ganin za ta ba su ƙarfin wuni. Wannan zato ba shi da asali, gama ƙarfe ba abinci ba ne da zai ba da kuzari a ranar da aka sha shi, aikinsa gina jini ne a hankali cikin makonni. Bugu da ƙari sahur ɗin birni yau shayi ne da burodi da madara, ga shi kuma ƙwayar takan tayar wa wasu da zuciya ko ta murɗa musu ciki, kuma wanda tashin zuciya ya kama da hantsi yana azumi, ba shi da ikon kurɓar ruwa balle ya sa wani abu a baki ya kwantar da shi. A ganina sahur shi ne zaɓi na ƙarshe, sai ga wanda ya jarraba ya ga ba ta dame shi ba, kuma ya yarda ya bar shayi a wannan lokaci.

Abin da na fi so ku riƙe shi ne, sa'ar ƙwayar nan tana tsakiya, kamar awa biyu bayan an gama cin abinci da shan shayi, kuma aƙalla awa guda kafin a sake cin wani abu mai nauyi. Bari mu ƙaddara wata baiwar Allah mai cikin wata biyar, wadda aka auna jininta a asibiti aka ga bai yi ƙasa ba, ta shawarci ma'aikaciyar awo, ta kuma zaɓi ta yi azumi. An rubuta mata ƙwayar ƙarin jini guda kullum, da folik asid, da kalsiyam miligiram 500 sau uku, irin wanda ake bayarwa don rage hatsarin hawan jinin masu ciki da jijjiga. An sha ruwa, mu ce, da ƙarfe 6:40. Sai ta buɗa baki da dabino da ruwa da kununta, ta haɗiye kalsiyam na farko a nan, domin irin wanda aka fi samu, kalsiyam kabonet, ya fi narkewa in akwai abinci a ciki. Bayan asham, wajen ƙarfe 8:30, ta ci tuwonta, ta sha shayinta in tana so, ta haɗiye kalsiyam na biyu. Daga nan ta tsaya a kan ruwa kaɗai har ƙarfe 10:30 ko 11:00, sa'an nan ta sha ƙwayar ƙarin jini da folik asid da cikakken kofin ruwa, ta haɗa da lemon zaƙi guda ko gwaiba, gama bitamin si da ke cikinsu yana taimaka wa ƙarfe ya shiga, kuma ta zauna kamar rabin awa kafin ta kwanta, don kada ƙwayar ta maƙale mata a maƙoshi ta ƙona shi. Kalsiyam na uku ya jira sahur, wajen ƙarfe 4:30. Hikimar rarraba kalsiyam kuwa ita ce jiki ba ya tsotsar fiye da kimanin miligiram 500 da kyau a lokaci guda, don haka wadda ta watsa ukun a baki tashi ɗaya ta yi asarar wani kaso.

Idan goman ƙarshe ta shigo, aka koma tashin tahajjudi, tsarin ma sai ya ƙara sauƙi, domin wadda ta farka da ƙarfe 1:00 ko 2:00 cikinta ya riga ya sauka daga abincin dare, ga kuma awa biyu ko fiye kafin sahur. Wannan sa'a, in ta samu, ban san wadda ta fi ta ba.

Saura mas'alar waɗanda aka rubuta wa ƙwayar sau biyu ko sau uku a rana, waɗanda da azumi ya zo sukan tara su su sha a jere, ɗaya da magariba, ɗaya da lisha, ɗaya da asuba, ko su haɗa duka. A nan akwai wani ilmi da bai daɗe da bayyana ba. A wajen shekarar 2001 masana suka gane cewa hanta tana fitar da wani sinadari mai suna hefsidin, wanda yake kamar mai gadin ƙofar gari ne, da zarar ya ga ayari babba ya shigo sai ya tura ƙyaure ya hana na bayansa. A shekarar 2015 masu bincike a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan suka nuna, a kan mata masu ƙarancin ƙarfe waɗanda ba su da ciki, cewa shan miligiram 60 ko fiye yana ɗaga wannan sinadari har kusan awa 24, ta yadda ƙwaya ta biyu da aka sha a wannan rana ba ta ƙara wani abin a zo a gani ba. Saboda haka likitoci da dama yanzu sun koma bayar da ita sau ɗaya a rana, wasu ma kwana ɗaya bisa ɗaya. Ban ce kowa ya rage wa kansa magani ba, amma wanda takardarsa ta ce sau uku, ya koma wa wanda ya rubuta ta tun cikin Sha'aban, ya tambaye shi ko guda a tsakiyar dare za ta wadatar.

Yaya mutum zai gane al'amari yana tafiya daidai? Baƙin bayan gida kada ya tsorata kowa, ragowar ƙarfen ne da bai shiga ba, sai fa in ya zo da danƙo kamar kwalta da mugun wari da jiri, wannan kam alamar zubar jini ce a ciki, a tafi asibiti a daren. Bushewar ciki takan tsananta da azumi saboda ƙarancin ruwa, maganinta a rarraba shan ruwa a tsawon dare, a yawaita miyar ganye da gwanda. Wadda ƙwarnafi ke damu kuma, ta sani farin maganin nan na ruwa da ake sha dominsa yana kashe tsamin ciki, don haka shi ma a raba shi da ƙwayar da awa biyu, kuma bisa ƙiyasi haka nake ba da shawara game da kunun kanwa. Hujja ta gaskiya dai tana wurin awon jini: ga mai ƙarancin jini da ke shan ƙwayar yadda ya kamata, ana sa ran himogulobin ya hau da kimanin giram guda cikin mako biyu zuwa huɗu, don haka awo guda kafin ganin wata da wani bayan salla sun isa su nuna ko tsarin ya yi aiki. In bai hau ba, a binciki zazzaɓin cizon sauro, da tsutsar ciki, da zubar jini.

Dole kuma in faɗi iyakar wannan magana. Mai cikin da himogulobin ɗinta ya gaza giram 11 tana da ƙarancin jini, in ya gaza 7 kuwa ya tsananta, kuma irin wannan ba gyaran sa'ar ƙwaya take bukata ba, rangwamen da shari'a ta yi mata take bukata, gama malamanmu na Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid, sun halatta wa mai ciki da mai shayarwa su sha azumi idan suka ji tsoron cutuwar abin da ke cikinsu ko abin da suke shayarwa. Ina roƙon mazaje da surukai da ke nan su taimaka mata ta karɓi wannan sauƙi ba tare da an sa ta jin kunya ba. Masu cutar sikila kuma, musamman waɗanda aka sha yi wa ƙarin jini, kada su taɓa wannan ƙwaya sai da awo da umarnin likita, domin sau da yawa ƙarfe yawa yake yi musu a jiki. Kuma tun da yake yanzu za a riƙa shan ta da dare a ajiye kusa da shimfiɗa, a sani cewa ja ce mai sulɓi kamar alewa, kuma 'yan ƙwayoyi kaɗan suna iya halaka yaro ƙarami, saboda haka a rufe kwalbar da kyau, a ɗora ta can bisa inda hannunsa ba ya kaiwa.