Ina Kuɗina Suka Tafi? Bayani Kan 'Yan Kuɗin Da Banki Ke Cirewa

Wannan shi ne jawabin da Editan jaridarmu ya gabatar wa ɗaliban azuzuwan yaƙi da jahilci a Kademi, Ƙaramar Hukumar Gaya.



Da yawa daga cikinku kan ce kun ajiye kuɗi a banki ba ku taɓa su ba, amma sun ragu. Abin da nake so ku riƙe yau shi ne, yawancin waɗannan cire-cire suna bin irin asusun da ka buɗe ne, da kuma yawan lokutan da ka motsa kuɗinka.

Mu fara da kuɗin kula da asusu. Asusu iri biyu ne, akwai na ajiya, akwai na kasuwanci wanda ake ce wa karan. Ƙa'idar da Babban Bankin Nijeriya ya soma aiki da ita a Janairun 1 ga 2020 ta ba banki damar cire abin da bai wuce naira ɗaya ba a kan kowace naira dubu da ka fitar daga asusun kasuwanci. Wato wanda ya fitar da N500,000 cikin wata, ana iya cire masa N500. Asusun ajiya ba shi da wannan caji, sai dai ƙa'idar ta 2020 ta sa masa N50 ta kula da kati duk bayan wata uku. Saboda haka manomin da ke ajiye kuɗin gyaɗa ko na gero har damina, asusun ajiya ya fi dacewa da shi.

Na biyu, kuɗin turawa zuwa wani banki. Ƙa'idar ta 2020 ta kasa shi hawa uku. Har zuwa N5,000, N10 ne. Daga nan zuwa N50,000, N25. Abin da ya haura haka, N50. A kan kowanne akwai harajin VAT, shi ya sa aka riƙa ganin N10.75 ko N26.88 ko N53.75. Akwai kuma N50 ta gwamnati idan kuɗin sun kai N10,000. A da mai karɓa ake cire wa, amma daga Janairun 2026 ta koma kan mai turawa.

Na uku, kuɗin alat, wato saƙon da ke shigo maka a waya. Da N4 ne kowane saƙo, a watan Mayun 2025 bankuna suka mai da shi N6. Ana tara shi ne a cire gaba ɗaya, shi ya sa yake zuwa wa mutum ba zato.

To ga misali da waɗannan alƙaluma. A ce mai tireda a nan Kademi dilansa na kasuwar Singa a Kano yana bin sa N40,000. Idan ya riƙa tura N4,000 har sau goma, kuɗin turawa N107.50 ne, alat N60, jimilla N167.50. Idan ya haƙura ya tura a lokaci ɗaya, zai biya N26.88 da N6 da N50 ta gwamnati, wajen N83. Rabi ke nan ya tsira.

Amma fa a yi lissafi, don ba kullum haɗawa ke da riba ba. Tura N6,000 sau biyu zai ci maka wajen N66. Idan ka haɗa su suka zama N12,000, ka taka layin dubu goma, sai ka biya N83. Haka kuma ka tambayi dilanka ko yana da asusu a bankinku, domin yawancin bankuna ba sa cire kuɗin turawa tsakanin asusunsu. Ladan da mai POS ke karɓa kuwa nasa ne, daban yake da waɗannan.

Batun rufe alat, ana iya yi. Sai ka je banki ka sa hannu a takarda cewa ka ɗauki alhakin abin da zai biyo baya, a riƙa aiko maka ta imel kyauta. Wannan ya dace da mai babbar waya da ke duba asusunsa kullum. Mai ƙaramar waya, shawarata kada ya rufe. Alat shi ne maigadinka. Ranar da ɓarawo ya sami lambar katinka, saƙon N6 ne zai sanar da kai kafin ya share asusun.

A ƙarshe, Babban Banki kan sake waɗannan farashi lokaci-lokaci. Don haka duk ranar da ka shiga banki, ka nemi a nuna maka na yanzu, ka kuma karɓi takardar bayanin asusunka. Ku kawo ta aji mu karanta tare layi-layi. Idan ka ga an cire kuɗin kula da asusun kasuwanci alhali naka na ajiya ne, ka rubuta wa bankin ƙorafi, ka ajiye kwafe. In ba su gyara ba, Babban Banki yana da sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna.

Allah ya sa wa dukiyarmu albarka.