Gwal bai motsa a Landan ba, amma ya ninka a Kano
Jawabin magatakardan ƙungiya a taron cikar shekara



An ba mu 'yan mintoci mu amsa tambayar da ta fi yawa a ofis: me ya sa gwal yake tashi a hannunmu alhali rediyo ta ce farashin duniya yana nan inda yake?

Gwal dai da dalar Amurka ake yi masa farashi. ('Yan'uwanmu na Nijar, ba dalarku ta sefa biyar muke nufi ba.) Ma'aunin kasuwar duniya shi ne oza, oza ɗaya kuwa giram 31.1 ce. Saboda haka kuɗin giram a naira abu biyu ne suka haɗu: farashin oza, da kuma nawa ake canjin dala. Ko ɗaya ya tsaya cik, in ɗayan ya motsa, kuɗin giram ya motsa.

Mun ga wannan da idonmu. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya saki naira kasuwa ta yi mata farashi. Daga lokacin zuwa Fabrairun 2024 oza tana kai da kawo ne kusa da dala 2,000, amma dala a wajen 'yan canji ta tashi daga wajen naira 750 har ta haura 1,500. To mu buga lissafi. Dala 2,000 a raba da 31.1, giram ya kama kusan dala 64.3. A canjin 750, naira 48,200 ke nan. A canjin 1,500, ya zama 96,500. Wannan na tataccen gwal ne, karat 24. Mai karat 21 sai a ɗauki kashi 21 cikin 24, sannan a ɗora kuɗin ƙira.

A Maraɗi kuwa giram ɗin nan bai yi nisa da jaka 39 ba a duk tsawon watannin, domin sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 kowane yuro ɗaya, kuma yuro bai yi wani babban motsi a gaban dala ba. Gwal ɗaya ne, nauyi ɗaya. Naira ce ta rage.

Wani zai ce, ai namu a Zamfara ko a arewacin Agadas aka haƙo shi, ina ruwansa da dala? Da ruwansa, domin mai saye yana iya kai shi Dubai ya karɓi dala. Ba wanda zai sayar mana a 50,000 alhali ya san a ƙetare zai samu abin da ya kai 96,000.

Inda ake cin mu shi ne nan, kuma a nan muke so a kasa kunne. A ce ɗan'uwa ya sayi giram 100 a kan 48,200. Bayan wata takwas aka taya masa 70,000, ya sallama yana murna, ya rubuta ribar sama da miliyan biyu a littafi. Ya koma sari da miliyan bakwai ɗinsa, ya tarar giram 96,500 ne. Abin da kuɗin za su ɗauko masa giram 72 da rabi ne. Littafi ya nuna riba, sikeli ya nuna giram 27 da rabi sun tafi daga uwar kuɗi. Wanda ya ba da gwal bashi a naira ma haka abin yake, har ya fi ciwo, don shi ko murnar bai yi ba. A ganinmu, duk mai wannan sana'a ya riƙa ƙidaya jarinsa da giram, in zai ba da bashi kuma a rubuta yarjejeniyar da nauyi da karat.

Gane wanda ya motsa ba wuya. A ɗauki kuɗin giram na yau a raba da canjin dala na yau, wanda 'yan canji suke bayarwa hannu da hannu. In amsar ta yi daidai da ta watan jiya, gwal bai tashi ba, kuɗinmu ne ya faɗi.

Sai dai a sani abin yana juyawa. A Afrilun 2024 oza ta haura dala 2,300, amma naira ta farfaɗo zuwa wajen 1,150. A wannan canji giram bai kai 90,000 ba, wato wanda ya saya a ƙololuwar Fabrairu ya yi asara a naira alhali gwal yana tashi a duniya. Masu sefa ma ba su tsira gaba ɗaya ba: a Satumban 2022 yuro ya faɗi ƙasa da dala, dala ɗaya ta haura sefa 655, duk abin da ake saye da dala ya ƙara kuɗi a hannunsu.

Mai son a buga masa lissafin karat 18 ko 21 ya same mu a teburin rajista bayan an tashi.