Konkur ɗin aikin gwamnati: a fara karanta tambaya kafin a ɗauki biro

Jawabin da na yi wa matasa a Dakoro



Na san abin da ake faɗa a fada duk lokacin da aka buɗe konkur: wai mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya. Ni ma na faɗa, ranar da na duba sakamako ban ga sunana ba. Sai na kai wa wani tsohon malamin lakkol takardar da na yi gwajin amsa a kanta. Ya karanta, ya ce: "Ɗana, Faransancinka mai kyau ne, amma ba abin da aka tambaye ka ba ne ka amsa."

Za mu ci gaba da neman a yi adalci wurin ɗaukar ma'aikata. Amma ranar da aka yi adalcin, kada ta tarar da mu ba shiri.

Mu ɗauki misali. A ce tambayar rubutu ita ce: "Wace rawa hukuma za ta taka wajen hana rikicin manoma da makiyaya?" Kalmomi biyu ke riƙe da ita: hukuma, da hanawa. Wanda ya cika shafi huɗu da labarin rikici da ƙarancin ruwan sama ya fita daga tambaya, ko da duk abin da ya rubuta gaskiya ne. Kuskurena ke nan. Ga yadda za ka gane: karanta layin ƙarshe na amsarka, ka sake karanta tambayar. In ba su haɗu ba, ka kauce.

In an ba ku awa uku, ku ba tsari minti arba'in kafin ku taɓa takardar amsa. A gabatarwa, ku fayyace kalmomin, ku fito da matsalar: dokoki suna nan, me ya sa rikicin bai ƙare ba? Daga nan kashi biyu.

Kashi na farko, abin da hukuma ke da shi a hannu. Dokar watan Mayu 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, ta bar abin da ke bayanta don kiwo. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta kawo kwamitocin kula da filaye. Dokar kiwo ta 2010 ta tabbatar wa makiyayi haƙƙin yawo da dabbobinsa. Shekara uku ke nan, ku haddace su.

Kashi na biyu, inda aikin ke cijewa, da gyaran da ya kamata. Nan ne ɗan Dakoro ya fi ɗan Yamai. Mun ga yadda gonaki suka haura Kwarin Tarka. Mun san burtalin da aka cinye, da garken da ya sauko kafin ranar sakin gonaki. Kowace matsala ku haɗa ta da matakin hukuma: kafa alamun burtali, sanar da ranar sakin gonaki da wuri, ba kwamitin ƙauye abin aiki. Ku bar minti goma sha biyar na ƙarshe don gyaran rubutu. Kuma kada ku sa suna ko wata alama a cikin amsar, domin ana ɓoye sunaye kafin gyara, alama tana iya jawo a soke takardarka.

Wanda ya haye sai ya tsaya gaban alƙalan jarrabawar baki. Tsarin bai canza ba, lokaci ne ya ragu. Faɗi amsarka a jimla ɗaya, kawo hujja biyu, rufe. Bayan haka za su matsa maka. Wani zai ce: "Kai ne jami'i, kuma kawunka ne ya nome burtali. Me za ka yi?" Ba zafin kai suke nema ba. Suna so su ji matakai: zan sanar da shugabana cewa ɗan'uwana ne, in janye hannuna, kwamiti ya je ya auna, a rubuta rahoto. In an tambaye ka abin da ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba, ka faɗi inda za ka duba. Shaci-faɗi ɗaya yana sa su yi shakkar duk sauran.

Baki ba ya gogewa a cikin littafi. Ku haɗu ku huɗu: ɗaya ya tsaya, uku su zama alƙalai, waya ta ɗauki murya. Da ka saurari kanka za ka ji inda kake kewaye-kewaye.

Abu na ƙarshe, ku karanta sanarwar konkur da kanku, ku ga jarrabawar da makinta ya fi nauyi. Takardar shaidar rashin laifi daga kotu kuwa, galibi wadda ba ta wuce wata uku ba ake karɓa, don haka kada ku ɗauko ta tun kafin a buɗe.

Wannan tambayar ta manoma da makiyaya, kowa ya rubuta mata tsari a shafi ɗaya kafin haɗuwarmu ta gaba. Za mu yi wa juna gyara, ba sani ba sabo. Allah Ya ba mai rabo sa'a.