Idan mai saye ya rubuta cewa zumarka jabu ce

Yau za mu leƙa Birnin Gwari ne. Tun da Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar shanu ta garin a watan Nuwamban 2024, bayan shekaru tana rufe, harka ta fara motsi, kuma masu ƙananan sana'o'i suna tallata kayansu a Facebook da WhatsApp. To, wanda ya baza haja a waya, wata rana zai ci karo da baƙar magana.

Mu ɗauka kai mai sayar da zuma ne. Wata baiwar Allah a Kaduna ta sayi lita biyu, ka ce za ta iso Talata, ba ta iso ba sai Juma'a. Bayan mako biyu sai ta rubuta a ƙarƙashin tallarka: "Macuci ne, sukari ya dafa. Ga ta nan ta daskare, kuma sai da ya ja min rai kwana uku. Kada wanda ya saya."

Kada ka ba da amsa a wannan sa'ar. Ajiye wayar, ka yi alwala, ka sha ruwa. Idan ka dawo, ka tsame zagin ka ajiye gefe, ka duba abin da ya rage. Ƙorafi biyu ne: jinkiri da daskarewa. Na farko gaskiyarta ne, kai ka yi alkawarin Talata. Na biyun kuwa sai an bincika.

Nan ne nake so mu ɗan tsaya. Zuma ta ainihi tana daskarewa, musamman lokacin hunturu, saboda wani nau'in sukari da ke cikinta tun daga fure yana haɗewa ya zama tsaki-tsaki. Wannan ba aibi ba ne, idan an tsoma kwalbar a ruwan ɗumi za ta saki. Amma idan tana kumfa, tana warin tsami, robar tana kumbura, to ruwa ya yi mata yawa: ko an ɗebo ta ba ta nuna ba, ko an zuba ta a jiƙaƙƙen mazubi. Wannan kam matsalar daga wajenka take. Saboda haka ka buɗe ragowar wadda ka ɗebar mata, ka shinshina, ka ɗanɗana, kafin ka rubuta komai.

In ka tarar lafiyarta ƙalau, ga irin amsar da ta dace:

"Hajiya, barka da yini. Mun yi alkawarin Talata, saƙon bai iso ba sai Juma'a. Laifinmu ne, ki yi haƙuri. Game da daskarewa, zuma takan yi haka idan ta ji sanyi. Ki tsoma kwalbar a ruwan ɗumi, ba tafasasshe ba, za ta narke. Idan kuma kin ji tsami ko kin ga kumfa, ko hankalinki bai kwanta ba, za mu karɓi kayanmu mu mayar miki da kuɗinki. Na turo miki saƙo ta waya."

Kun lura ban kawo zancen hanya ba? Kowa ya san wuyar da hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari ta ba mutane, ta Buruku da Udawa, kuma wataƙila direba ne ya ƙi tashi. Amma ita da kai ta yi ciniki. Bayanin hanya ka yi mata shi a waya, kuma nan gaba ka riƙa cewa "tsakanin Talata da Juma'a". Ban kuma tanka kalmar macuci ba. Masu karanta amsar sun fi ita yawa, kuma su abin da suke dubawa shi ne: in nawa ya samu matsala, yaya wannan mutumin zai yi da ni?

Kada ka wallafa hoton hirarku ko lambarta don ka wanke kanka. Kada ka turo ƙannenka su yi mata rubdugu, ana gane su. Batun "zan kai ki ƙara" kuma, ku tuna 2023, lokacin da wata mata a Legas ta rubuta a Facebook cewa wani tumatirin gwangwani ya cika zaƙi. Kamfanin Erisco ya kai ƙara, 'yan sanda suka kama ta, sai jama'a suka yi ta kiran a ƙaurace wa kayansa. In babban kamfani ya sha wannan surutun, ina ga mai jarka biyar?

Idan ta sake dawowa da zagi, amsa ɗaya ta rage: "Hajiya, tayinmu yana nan, duk lokacin da kika shirya." Daga nan ka yi shiru. In kuwa kun sasanta, ka roƙe ta a waya ta koma wurin da ta yi rubutun ta faɗi yadda aka ƙare. In ta ƙi, kada ka matsa mata.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.