Bashin Dala a Littafin Naira: Sake Ƙimanta Rance a Ƙarshen Shekara



Gabatarwa

A watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya haɗe kasuwannin canji wuri guda. Dalar da ake samu a hukumance kan kusan naira 460 ta kai kusan 900 kafin shekarar ta fita. Duk kamfanin da ake bin sa bashin dala ya ji a jikinsa, ko da bai ƙara cin bashin sisin kwabo ba. Abin da takardar nan ke son tabbatarwa ɗaya ne: wanda ya ci bashin dala, dala ake bin sa, don haka dole adadin nairar da ke littafinsa ya bi farashin dala a ranar rufe littafi.

Abin da ƙa'ida ta tanada

Ƙa'idar IAS 21 ta raba abubuwa gida biyu. Akwai waɗanda za a biya ko a karɓa da tsabar kuɗi, kamar rance da kuɗin ruwan da ya taru a kansa. Su ake sake lissafawa da farashin ranar rufe littafi, a kai bambancin cikin lissafin riba da asara na shekarar. Akwai kuma kadarori irin su inji da gini, waɗanda aka rubuta a kan kuɗin saye. Su suna nan a kan farashin ranar da aka saye su.

Misali

Mu ƙaddara wani kamfanin casar shinkafa a Kano ya ranci dala 200,000 a watan Maris na 2023, ya sayo inji, dala tana naira 460. Akanta ya rubuta inji a kan naira miliyan 92, rance ma miliyan 92.

Ranar 31 ga Disamba ba a biya ko dala ɗaya ba, farashi kuma ya kai 900. Dala 200,000 sau 900 ta ba da miliyan 180. An samu giɓin miliyan 88, ga yadda za a shigar da shi:

```
Dr  Asarar canjin kuɗi   88,000,000
Cr  Rancen dala          88,000,000
```

A nan ne mai kamfani yakan ce, "Akanta, kuɗina ba su fita ba, ina asarar take?" Amsar ita ce, da mai rance zai zo a ranar, miliyan 180 zai tafi da su. Asarar ta riga ta auku, biyanta ne ya rage.

A shekara ta gaba, a ce an biya dala 50,000 lokacin da farashi ya kai 1,500. Miliyan 75 ne suka fita daga banki, alhali wannan kaso yana littafi a kan miliyan 45, wato sau 900. Asarar ranar biya miliyan 30 ce. Da 900 ake auna ta, domin giɓin da ke tsakanin 460 da 900 an riga an ɗauke shi bara. Da a ce naira ta yi ƙarfi ta dawo 800, da wannan kaso ya kawo ribar miliyan 5.

Inda ake tuntuɓe

Kuskuren da na fi cin karo da shi wajen binciken littattafai shi ne ɗora asarar a kan kuɗin inji. Na taɓa buɗe rajistar kadarorin wani kamfani na ga darajar injinsa ta ninka, alhali ba a ƙara masa ko noti ba. Hakan yana ɓoye asarar bana, ya watsa ta cikin ragin darajar shekaru masu zuwa. Sassaucin da IAS 23 ta yi ya tsaya ne a kan kadarar da ke ɗaukar dogon lokaci kafin a fara aiki da ita, kuma a kan ɗan kason da ake ɗauka a matsayin gyaran kuɗin ruwa kawai.

Na biyu shi ne mantawa da kuɗin ruwan da ya taru ba a biya ba. Shi ma bashin dala ne, a sake ƙimanta shi tare da uwar kuɗin.

Gano kuskure na biyun ba ya da wuya. A nemi takardar tabbacin ragowar bashi daga mai rance, da dala. A ninka adadin da farashin ranar rufe littafi, a gwada da abin da ke littafi. Idan suka saɓa, akwai abin da ba a shigar ba.

Kammalawa

Shawarata ita ce kowane rance ya samu shafi mai layin dala da layin naira, a rubuta farashin da aka yi amfani da shi da inda aka samo shi, a kuma riƙa sake ƙimantawa duk ƙarshen wata. Mai kamfanin da ya ga asarar tana taruwa tun daga Yuni zai iya rage bashin ko ya gyara farashin shinkafarsa. Wanda aka jira sai Disamba aka ajiye masa miliyan 88 a tebur, an sanar da shi ne bayan bakin alƙalami ya bushe.